Yadda Ake Warware Baitin Waƙar Indiya Mai Harshen Damo

Masu sauraron waƙoƙin Indiya a Sakkwato sukan dogara ga fassarar da ke ƙasan bidiyo, alhali mai fassara ma'ana ɗaya kawai yake iya zaɓa, ta biyun kuwa sai ta salwanta.

Da farko, a saurari baitin sau uku, a rubuta shi yadda kunne ya ji, a bambanta dogon wasali da gajere, domin a harshen Hindi "har" na nufin kowane, "haar" kuma wata kalma ce dabam.

Sannan a duba ƙamus, a rubuta dukkan ma'anonin kalmar da ake zargi. "Haar" tana nufin sarƙar wuya ko ta furanni, tana kuma nufin shan kaye.

Mataki na uku shi ne mafi amfani a ganina, wato duba jinsin kalma. Idan sarƙa ake nufi, kalmar namiji ce, sai a ji "mera haar". Idan kaye ne, tamace ce, sai a ji "meri haar". Amma in mawaƙi ya ce "ye haar", wato wannan, bai nuna jinsi ba, ƙofa biyu ke nan ya bari a buɗe.

Daga nan a nemi shaida a baitocin da ke kewaye. Idan hoto ya nuna ana rataya wa amarya furanni, kuma "jiit", wato nasara, ta fito a baiti na gaba, to tsohon masoyinta yana kallon sarƙar auren ne a matsayin kayen da ya sha. In babu irin wannan shaida, a tsaya ga ma'ana ɗaya.

Wajen fassarawa zuwa Hausa, a fito da duka biyun: wannan sarƙar ita ce kayena.