Gudajin da ke fitowa a rigar sanyi: kurakuran da muke yi tun daga wurin saye

A hunturun bara, ƙanena mai kabu-kabu ya shigo gida da rigar sanyi a hannu, ransa a ɓace. Mako uku ke nan da ya saye ta a wurin ƴan bosho a babbar kasuwa, amma ƙirjinta da ƙasan hammata duk sun cika da ƴan gudaji kamar an watsa mata tsakin gero. Ya ce, "Yaya, duba min. An cuce ni, wannan ba ulun gaskiya ba ne." Na karɓa na juya cikinta, na tsinko guntun zare a wajen ɗinkin gefe, na kai shi bakin ashana. Ya yi ƙaurin gashi, kamar ana babbakar kan rago, tokarsa kuma ta murtsuke a yatsa. Ulu ne na tumaki, babu algus. Da zaren roba ne irin akirilik, da sai ya narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri.

To ga kuskure na farko, kuma kusan kowa na yin sa: a ɗauka gudaji alamar jabu ce. Ulun gaskiya yana yin gudaji, wani lokaci ma mai tsadar ya fi saurin yi. Dalilin yana cikin zaren, kuma duk wadda ta taɓa zama kusa da tsohuwa tana kaɗi da mazari ta riga ta san rabin bayanin.

Zare silin gashi ne masu yawa da aka jera aka murɗe su tare. Babu abin da ya manne su sai murɗin nan, shi ke matse su har wani ya riƙe wani. Kowane sili yana da baki biyu. Idan riga ta gogu da wani abu, bakin da ke kusa da waje sai ya zaro kai ya tsaya, rigar ta yi buzu-buzu. Aka ci gaba da guga, sai waɗannan bakunan su harɗe da juna, su nannaɗe, su tattaro ƙura da zaren wasu kaya, su zama ɗan curi. Curin ba ya faɗuwa domin akwai sili biyu ko uku da har yanzu gindinsu ke cikin zare, su ne suka ɗaure shi kamar akuya a turke. Shi ya sa gudaji ba ya fitowa a ko'ina sai inda ake guga: hammata, bakin hannu, gefen ciki, da inda igiyar jaka ke ratsawa. A rigar ƙanena layin gudajin ya bi daga kafaɗar hagu zuwa kwiɓin dama, daidai hanyar jakar kuɗinsa.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi damuna, domin a kansa kuɗi ke tafiya. Mukan zaɓi riga da taushi. A kai ta kunci a shafa, a ji lallausa kamar jikin jariri, a ce wannan ita ce. Abin da ba a sani ba, abubuwan da ke kawo wannan taushin sau da yawa su ne ke kawo gudaji: sili siriri, sili gajere, da murɗi sako-sako.

Mu ɗauki tsawon sili tukuna. Ka ce kana da ulu mai nauyi ɗaya kashi biyu, kaurin silinsu ɗaya. Na farko silinsa santimita 8 ne, na biyu santimita 4. Na biyun yana da sili ninki biyu, saboda haka bakunan da za su iya leƙowa waje ma ninki biyu ne. Bayan haka kuma, dogon sili yana zagaya jikin zare sau da yawa, ƴan'uwansa sun danne shi a wurare masu yawa, zaro shi sai da ƙarfi. Gajere kuwa zagaye kaɗan ya yi, guga kaɗan ta ishe shi fita. Gashin tumakin Merino yakan kai wajen santimita 6 zuwa 10. Kashmiya, wato lallausan gashin wasu awaki na ƙasashe masu tsananin sanyi irin Mongoliya, bai cika wuce santimita 3 zuwa 4 ba, ga shi siriri ƙwarai. Saboda haka rigar kashmiya, duk da tsadarta, tana cikin masu saurin yin gudaji. Akwai kuma ulun da ake samu daga tsofaffin riguna, a yayyaga su a inji a sake kaɗawa. Yagar nan tana gutsuttsura silin, shi ya sa irin wannan zaren gajeren sili ya yi masa yawa.

Masana'antu suna kaɗa ulu ta hanya biyu. A ta farko, shiɓa kawai ake yi masa a kaɗa, dogo da gajere duk a haɗe, silin kuma kowanne ya fuskanci inda ya ga dama. Zaren yakan fito da kumburi da iska a ciki, ga ɗumi, amma da gashi-gashi. A ta biyu, bayan shiɓa sai a taje shi, a fitar da gajerun, a jera dogayen su kwanta gefe ɗaya kafin a murɗa. Wannan zaren sumul yake, da ɗan sheƙi, kuma ya fi jure guga nesa ba kusa ba. Kakata tana kaɗa abawa mai kauri sako-sako, tana kuma kaɗa arafiya siririya mai matsewa, kuma ba ta taɓa haɗa aikinsu ba. Bambancin kusan irin wannan ne.

Sai murɗi. Yawan murɗi yana ƙara matse silin, ya cusa bakunansu ciki. Zaren da aka yi masa murɗi kaɗan yana da laushi da kumburi, amma silinsa a kwance kawai suke, ba a riƙe ba. Haka kuma zare tilo bai kai wanda aka haɗa biyu ko uku ko huɗu aka tufka ba, domin tufkar wani ɗauri ne a kan ɗauri. Sai dai abin yana da iyaka. Murɗi in ya yi yawa zaren ya zama kamar tsirkiya, rigar ta yi kaushi, ɗuminta ya ragu tunda babu iska a ciki, in kuma zaren tilo ne saƙar takan karkace, ɗinkin gefe ya murɗo zuwa gaba. Matsakaici ake nema, wanda ya matse amma bai sandare ba.

Ga yadda muka gwada a ranar. Na ɗauko tsohuwar rigar Baba, wadda ta ci hunturu da yawa ba ta yi gudajin kirki ba, na tsinko guntun zare daga cikinta, na ajiye kusa da na ƙanena a kan baƙin ƙyalle. Na Baba zare uku ne a tufke, kana ganin layin murɗin a karkace sosai. Sai da na warware shi da yatsu kafin ya yarda ya rabu, kuma silin da na zaro na ɗora a kan abin awo yawancinsu sun kai santimita 7. Na ƙanena zare tilo ne, layin murɗinsa ya kusa miƙewa, ina jan sa a hankali sai ya sulluɓe ya rabu biyu ba tare da ƙarar tsinkewa ba. Silinsa da ƙyar wasu suka kai santimita 3. Ƙanena ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe tun a kasuwa aka gama magana."

A gaban mai kaya ba za ka warware masa riga ba, amma akwai abin da za ka iya. Ɗaga ta wajen haske ka duba samanta ta gefe: in ka ga hazon gashi ya tashi a kai, bakuna ne suka riga suka fito. Goga cikin hannun rigar da gefenta sau goma, ka duba ko gashi ya fara taruwa. Ja saƙar kaɗan ka saki, mai kyau takan koma nan take. Ka ƙura wa zaren ido ka ga ko tufkakke ne. In bosho ce ma ka huta, domin wani ya riga ya gwada maka ita: duba hammata da bakin hannu, in sun yi fes bayan an sa ta, zarenta mai kyau ne. In kuma wurin ya yi shara-shara har haske na ratsawa, an sha aske ta.

Ku kuma ƴan'uwana masu saƙa huluna da rigunan jarirai, namu kuskuren shi ne ɗaukar tsinke mai kauri don aiki ya yi sauri, zare kuma ya yi auki. Saƙa sako-sako tana barin zare yana motsi yana gugar ɗan'uwansa a kowane ido. Rage kaurin tsinken da rabin milimita ko milimita guda, ki saƙa ɗan gwaji kamar tafin hannu, ki wanke, ki goga, kafin ki fara rigar mutane. Ki kuma sani yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa akirilik ne ko gauraye. Gaurayen ulu da nailan ko foliyesta yana da tasa matsalar: silin roba yana da ƙarfi, ba ya tsinkewa, sai ya zama turken da ke riƙe gudaji har abada. Ulu zalla silinsa yakan gaji ya karye, gudajin ya kakkaɓe da kansa, kuma in zaren mai kyau ne abin yakan ragu bayan gajerun sili sun gama fita.

Tsinke gudaji da farce kuskure ne da hannu ke yi ba tare da an sani ba, ana zaune ana hira. Duk curin da ka fizge yana jawo sababbin sili waje, ka shuka na gobe. Yankewa ake yi. Shimfiɗa rigar a kan abu mai tauri, ka miƙar da wurin da hannu ɗaya, ka bi da ɗan almakashi ko reza mai mariƙi a hankali, ba tare da dannawa ba, ka kuma kauce wa ɗinki da wuraren ado masu tudu. Sau ɗaya ko biyu a hunturu ya isa, domin kowane aski ulu yake ragewa.

Wanki kuma, yadda muka saba da atamfa da shadda, a cuɗa a murza a matse, shi ne mafi munin abin da za a yi wa ulu. Silinsa yana da ƴan ɓawo-ɓawo a jiki kamar na kifi. Ruwan zafi da garin sabulu mai kaifi suna buɗe su, cuɗa kuma ta sa su sarƙe, rigar ta yi gudaji, ta tsuke, ta yi tauri, kuma ba ta komawa. Juya cikinta waje, ka jiƙa a ruwan da bai wuce digiri 30 ba da sabulu mai laushi ko ɗan shamfu, ka daddanna kawai na ƴan mintoci. Ɗauraye da ruwa mai irin wannan ɗumin, naɗe ta a tawul ka danne ruwan, ka shanya ta a kwance a inuwa. Ƙurar hunturu ba ta buƙatar wanki kullum, kakkaɓewa da shan iska sun wadatar.

Ƙanena bai yar da rigarsa ba. Na aske masa ita, yanzu yana sa ta a gida da asuba, in zai fita aiki kuma ya ɗora riga mai santsi a kai don igiyar jaka ta gogi wannan. Da ya koma kasuwa neman wata, na ji labari ya tsaya yana ɗaga riguna wajen rana ɗaya bayan ɗaya, har mai kayan ya tambaye shi ko allura ya yar a ciki.