Kurakuran da ake yi wajen gwada madara kafin a sa wa saniya maganin hutun tatsa

Ciwon hantsa da ke kumbura saniya, madara ta fito da gudaji ko ruwa-ruwa, kowa na gane shi. Wanda ke cin riba a ɓoye shi ne wanda ba ya nuna komai: hantsa lafiya lau a ido, babu zafi, madara fara tas, amma ƙwayoyin cuta na zaune a ciki, abin da ake tatsa kuma yana raguwa a hankali. Ana gane shi ta hanyar ƙirga ƙwayoyin halittar da ke cikin madara, waɗanda galibinsu fararen ƙwayoyin jini ne da jiki ya tura su yaƙi cutar. A takardar sakamako za ka ga an rubuta SCC. Lafiyayyar hantsa yawanci tana ƙasa da 100,000 a kowace mililita, wadda ta haura 200,000 kuwa ana ɗaukar ta a matsayin mai cuta. Lokacin da wannan lamba ta fi amfani shi ne sa'ad da za a daina tatsar saniya, kamar kwana 60 kafin ta haihu, domin a nan ake yanke wadda za a zuba wa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta kan nono da wadda ba ta buƙata.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke hukunci da gwaji guda. Ga shanu biyu da za a daina tatsa a mako ɗaya. Ta farko haihuwarta huɗu, gwajinta na wata uku a jere ya nuna 90,000, sai 340,000, sai 160,000. Ta biyu haihuwarta biyu, nata ya nuna 60,000, da 80,000, da 110,000, kuma hantsarta ba ta taɓa kumbura ba tun da ta haihu. Wanda ya duba lambar ƙarshe kaɗai zai ce duka biyun sun tsira, tunda kowacce na ƙasa da 200,000. Ba haka ba ne. Wasu ƙwayoyin cuta, musamman wadda ɗakin gwaji ke rubutawa Staphylococcus aureus, sukan lafa su sake tashi, lambar ta hau wannan wata ta sauka wata mai zuwa alhali cutar tana nan daram. Saboda haka ƙa'idar da aka fi bi ita ce a duba gwaji uku na ƙarshe, a haɗa da tarihin kumburi. Saniya ta farko za ta sami maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bi shi da abin toshe kan nono, wato wani abu mai kauri da ake zubawa ya rufe ƙofar nono don kada cuta ta shiga. Ta biyu abin toshi kaɗai ya ishe ta.

Akwai wani tarko a cikin wannan 160,000 ɗin. Samfurin da ake kaiwa ɗakin gwaji haɗin madarar nono huɗu ne, kuma kowane nono ɗakinsa daban a cikin hantsa. A ce ɗaya yana da 600,000, sauran ukun kowanne 50,000. In an haɗa daidai wa daida, sakamakon zai fito 187,500, wato ƙasa da iyaka, ga kuma nono guda yana fama. A zahiri ma lambar kan fi haka sauka, domin nonon da ya kamu ya fi sauran ƙarancin madara. Duk saniyar da ke yawo tsakanin 150,000 da 200,000, ni ban yarda da ita ba sai an gwada kowane nono daban. Karsana mai haihuwar fari kuwa lambarta ta fi ta manya ƙasa tun asali, shi ya sa da yawa ke saukar mata da iyaka zuwa 150,000 ko ƙasa da haka.

Gwada nono ɗaya-ɗaya aikin CMT ne, farantin nan mai gurbi huɗu da ruwan gwajinsa. Yana da sauƙi, kuma sauƙin ne ke sa a yi masa riƙon sakainar kashi. A fara zubar da tatsar farko, sau biyu ko uku. A tatsa kowane nono a gurbinsa, a karkata farantin har abin da ya rage ya zama kamar mililita 2, a zuba ruwan gwaji daidai yawan madarar, a juya a hankali na daƙiƙa 10. A karanta nan take, domin bayan kamar daƙiƙa 20 kaurin yakan fara sakewa, mai ciwo ta zama kamar lafiyayya. In haɗin ya tsaya ruwa, babu komai. In ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, ko ya dunƙule a tsakiya, ƙwayoyin halittar sun yi yawa. Sai dai a san iyakarsa: yana kama mai lamba babba sosai, amma a kusa da 200,000 yauƙin kaɗan ne, ido na iya wuce shi. Kada kuma a yi shi a kwanakin farko bayan haihuwa a dogara da sakamakon, saboda dakashi yana da ƙwayoyin halitta da yawa ko babu cuta.

Wasu kan ce tunda abin ya yi rikici, a zuba wa kowace saniya magani a huta. Akwai garken da hakan ya dace da shi na ɗan lokaci: inda madarar tankin gaba ɗaya ke wuce 250,000 a kai a kai, ko aka gano Streptococcus agalactiae, wadda ke yaɗuwa ta hannun mai tatsa da injin tatsa, ko inda babu rubutaccen tarihin kowace saniya. A garke mai tsafta kuwa, ɓarnar magani ce, kuma tana koya wa ƙwayoyin cuta bijire masa. Wannan shawara ce ta zama da likitan dabbobi, da takardun gwaji a gaba.

Wanda ya hana lafiyayyar saniya magani, ya kuma bar ta babu abin toshi, shi ma ya yi kuskure. Bayan an daina tatsa, jiki kan toshe ƙofar nono da kansa, amma ba nan da nan ba, wasu nonuwan ma sukan yi makonni a buɗe, musamman a saniya mai madara da yawa. Shi ya sa ake rage mata abinci mai sa nono kafin ranar, har madarar ta sauko ƙasa da lita 15 a yini.

Ranar zubawa ce mutum kan shigar da cutar da hannunsa, kuma haɗarin ya fi ga wadda za ta sami abin toshi kaɗai, tunda babu maganin da zai kashe abin da aka tura ciki. A tatse hantsar tas, a sa safar hannu, a goge bakin kowane nono da auduga mai sifirit har audugar ta fito fes. Wajen gogewa a fara da nonuwan nesa, wajen zubawa a fara da na kusa, don kada hannu ya taɓa wanda aka riga aka goge. Bakin bututun a shigar da shi kaɗan, milimita 2 zuwa 3. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ana murza shi ya hau cikin hantsa. Abin toshi ba a murza shi: a matse gindin nonon da yatsu a zuba a hankali, ya tsaya a cikin kan nonon. Daga nan a tsoma nonuwan a ruwan magani, a bar saniyar a tsaye kamar rabin awa, a yi mata alama, a rubuta ranar. In ta haihu kafin lokacin da aka zata, madararta ba ta shiga tanki sai wa'adin da ke jikin kwalin maganin ya cika.

Gwajin farko bayan haihuwa shi ke nuna ko aikin ya yi. In saniyarmu ta farko ta dawo ƙasa da 200,000, ana ƙirga ta cikin waɗanda suka warke. In ta biyu, wadda ta tafi lafiya, ta dawo da 400,000, a lokacin hutu ta kamu, sai a binciki tsaftar zubawa da makwancinta. In kuwa ta farkon ta dawo da lamba sama duk da magani, nono biyu ko uku na yauƙi, ɗakin gwaji kuma ya tabbatar da Staphylococcus aureus, sake zuba mata magani da wuya ya yi amfani. A riƙa tatsar ta a ƙarshe, a fara shirin fitar da ita daga garke.