Babi na Tara: Yaushe Mai Shagon Kitso da Lalle Za Ta Buɗe Reshe na Biyu?

Darasi na ɗaya: Fitar da ribar gaskiya

Kowa ta buɗe littafinta, ta ja layi daga sama zuwa ƙasa a tsakiyar shafi. A gefe ɗaya ki rubuta "abin da ya shigo", a ɗayan kuma ki rubuta "abin da ya fita". Wadda hannunta bai saba da biro ba tukuna ta yi a hankali, babu mai korar ta.

Za mu yi misali da wani shago a cikin Kano inda ake kitso, wankin kai, lalle da dilka, mai ma'aikata uku ban da uwar shago. A ce a wata ɗaya naira 600,000 ta shigo. Ki zaɓi watan da babu Sallah a cikinsa, kuma ba makonnin gab da azumi ba, lokacin da bukukuwan aure suke yawa, domin cinikin irin waɗannan ranaku ba ya ɗorewa.

Yanzu sai abin da ya fita. Kayan aiki, wato shamfu, man gashi, lalle da haɗin dilka, sun ci 150,000. Ma'aikata uku sun karɓi 120,000. Fetur na janareta da kuɗin wuta da ruwa sun kama 90,000. Hayar shago 480,000 ce a shekara, kuma ko da yake a dunƙule ake biyan ta, dole ki raba ta gida goma sha biyu, ki rubuta 40,000 a kowane wata. Ki kuma ware 20,000 saboda ranar da na'urar busar da gashi za ta ƙone ko kujera ta karye. Jimilla ta zama 420,000, kuma idan aka cire ta daga 600,000, saura 180,000.

A nan yawancinku kuke ajiye biro ku ce an sami riba. Ba a samu ba tukuna, domin akwai ma'aikaciya ɗaya da ba a biya ba, kuma ke ce. Ke kike yi wa amare zanen lalle, ke kike buɗe shago da safe, ke kike zuwa kasuwa sayo kaya. Ki tambayi kanki nawa za ki biya ƙwararriya da za ta yi duk wannan a madadinki. A ce 80,000 ne a wata. Ki rubuta "ladan hannuna" a gefen abin da ya fita, ki cire shi daga 180,000. Abin da ya rage, naira 100,000, shi ne ribar shago.

Mu sake bi tare. Cinikin wata 600,000. Kuɗin da aka kashe 420,000. Ladan hannunki 80,000. Riba 100,000. Wadda ta ga 180,000 a ƙasan shafinta ta koma ta duba, ta manta da kanta. Ba abin kunya ba ne, ki goge ki gyara.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne, ba za ki iya tsayawa a shago biyu a lokaci guda ba. Duk ranar da kika buɗe reshe, dole a ɗaya daga cikin shagunan a biya wata ta yi aikinki, kuma daga wannan rana ladan da kike ɗauka kamar riba ce zai zama albashin da ake jira a ƙarshen wata.

Darasi na biyu: Nawa reshen zai ci?

A ce an sami shago a wata unguwa. Hayar shekara 480,000 ce, kuɗin dillali da na takarda 50,000, sai kujeru, madubai, kwanon wankin kai, na'urar busar da gashi da ƙaramin janareta, duka 700,000. Waɗannan kowa tana tuna su. Abin da ake mantawa shi ne sabon shago ba ya riƙe kansa a watannin farko, saboda matan unguwar suna da masu yi musu kitso tun kafin ki zo. Idan albashi da fetur da kayan aiki na reshen 280,000 ne a wata, ciniki kuma bai wuce rabin haka ba, to akwai giɓin 140,000 kowane wata. A wata shida giɓin ya kai 840,000. Idan aka haɗa duka, ana bukatar 2,070,000.

Ki raba wannan da riba. Da ribar gaskiya ta 100,000, sai kin tara ta wata ashirin da ɗaya ba ki taɓa ko sisi ba. Wadda ta manta ladan hannunta za ta raba da 180,000, ta ga kamar shekara ɗaya ta ishe ta, sai ta kama haya, kuɗi su ƙare a tsakiyar hanya, ta koma tana ɗebo na tsohon shago tana toshe giɓin sabo har duka biyun su raunana. Har yanzu ina ganin littattafai a ajin nan da babu layin ladan hannu a cikinsu. Na faɗa, na rubuta a allo, na sake faɗa. Wadda ba ta rubuta shi ba kada ta wuce wannan shafi, kuma kada ta ɗauki adashi ko rance da sunan reshe.

Idan damuwarki ita ce mata suna komawa saboda layi, ki fara ƙara kujera ɗaya da ma'aikaciya ɗaya a inda kike, tunda hayar ba za ta ƙaru ba.

Darasi na uku: Gwajin wata guda

Ki janye daga shago wata guda cur, ki bar babbar ma'aikaciyarki da makulli da littafin ciniki. Idan kika dawo kika tarar da ciniki kusa da yadda yake, shagon ya tsaya da ƙafarsa. Idan kuwa ya faɗo daga 600,000 zuwa 400,000, mata suna ta cewa sai Hajiya ta dawo, to hannunki suke bi, kuma abin da ya kamace ki shi ne koyar da ma'aikata, reshe ya jira.

Darasi na huɗu: Ba wa wata aron suna da tsarin aiki

A wannan tsari wata ce take zuba jarinta, ta buɗe shago da sunanki, ta bi hanyar aikinki, tana biyan ki kason da kuka amince. Kada ki shiga sai reshenki na biyu ya yi shekara yana kawo riba, kuma kin rubuta komai a takarda: awon haɗin dilka, yadda ake wanke tawul da mataji, da farashin kowane aiki. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, daban take da rajistar alamar kasuwanci, wadda ake yi a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya, kuma kina bukatar duka biyun. Lauya ya rubuta yarjejeniya, a ciki har da ikon karɓe sunanki idan aikinta ya lalace.

Aikin gida

Ki rubuta lissafin shagonki na wata uku da suka wuce, kowane wata a shafinsa, ki ja layi biyu a ƙarƙashin ladan hannunki, ki kawo littafin a zama na gaba.