Yadda na toshe ƙofar raba takardar kuɗi gida biyu

Ni nake riƙe lissafin wani kamfanin dafa wa alhazai abinci a Makka. Tsarinmu shi ne manajan saye ya amince da takardar kuɗin mai kawo kaya in ba ta wuce riyal 10,000 ba. In ta haura haka, sai Alhaji mai kamfani ya sa hannu.

Bayan aikin hajji ina duba takardu, sai na ga guda biyu daga mai kawo mana shinkafa, riyal 9,600 da riyal 9,400, rana ɗaya, lambobinsu na bin juna. Na ɗauko littafin sito, ashe mota ɗaya ce ta sauke kayan. Sayayyar 19,000 ce aka raba don kada ta kai gaban Alhaji. Abin ya ci mini rai, domin manhajar da muke shigar da takardun kuɗi a ciki ba ta ga laifi ba, tunda takarda ɗaiɗai take aunawa.

Sai na mayar da iyakar kan jimillar abin da aka amince wa mai kaya ɗaya cikin kwana 7, har da harajin VAT na kashi 15, don kada a yi gardamar da haraji ko babu. Na kuma hana wanda ya shigar da takarda ya amince da ita. Mai sito ke tabbatar da isowar kaya, ni ke biya.

Alhaji ya ce, "Malam, in na yi tafiya fa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sai ka naɗa wakili, da ranar farawa da ta ƙarewa." Da can lambar sirrinsa yake bayarwa, shi ya sa rajista ke nuna ya amince alhali yana Madina. Yanzu tana rubuta sunan wakilin da lokacin, kuma ko ni ba ni da ikon gogewa.