Darasi Na Tara: Sa Hannu A Madadin Wani

Sa hannu shi ne alamar da mutum yake yi da biro a ƙasan takarda don ya nuna cewa ya ga abin da ke ciki kuma ya amince. Wanda bai iya rubutu ba tukuna yana dangwala babban yatsansa a tawada ya ɗora a kan takardar. Kowanne daga cikin biyun na mai shi ne shi kaɗai.

Me ya sa ake ƙin kwaikwayo?

Mu ɗauka wata dattijuwa tana kwance ba lafiya, ga saƙo ya zo mata a wani ofishi, an ce sai ta sa hannu za a bayar. Ɗanta ya san yadda take jan sa hannunta, sai ya kwaikwaya ya miƙa. Niyyarsa mai kyau ce, amma yanzu takardar tana cewa uwar ce ta zo da kanta, alhali ba ta zo ba. Wannan shi ake kira sa hannun jabu, kuma laifi ne a gaban doka. Za ku ce ai ita ta aike shi. Haka ne, amma ma'aikacin ofis bai ji abin da aka faɗa a gida ba, abin da ke rubuce kawai yake gani.

Kuma ana ganewa. Banki yana ajiye samfurin sa hannun mai asusu don ya gwada. Mai sa hannunsa yana jan biro da sauri ba tare da tunani ba. Mai kwaikwayo kuwa yana tafiya a hankali, layinsa yana rawa, yana ɗaga biro a inda mai shi ba ya ɗagawa.

Takardar wakilci

Hanyar da ta dace ita ce uwar ta ba ɗanta takardar wakilci. Ga yadda ake rubuta ta:

"Ni, Wance, na wakilta ɗana Wane ya karɓo mini saƙona daga wannan ofishi. Wakilcin na wannan aiki ne kawai, kuma zai ƙare ranar kaza."

A rubuta cikakken sunan kowa kamar yadda yake a katin shaidarsa, a sa kwanan wata. Sai uwar ta sa hannu ko ta dangwala yatsa da kanta, a gaban shaidu, su ma su sa nasu. Idan ba ta iya karatu ba, a karanta mata da babbar murya tukuna. Ɗan zai tafi da takardar, da katinsa, da kwafin katinta.

Wajen da ake yawan tuntuɓe

Ku natsu a nan. Ɗan ya isa ofis, an duba takardarsa, an miƙo masa littafi an ce ya sa hannu. Sa hannun wa zai yi? Nasa. Zai rubuta "a madadin Wance", sai ya rubuta sunansa a ƙasa, sai ya yi sa hannunsa da ya saba.

Mu sake. Sunan uwar yana zuwa bayan kalmomin "a madadin", da rubutu na yau da kullum. Sa hannun da ke ƙasa na ɗan ne. Takardar wakilci ta ba shi damar yin aikin, ba ta ba shi damar zama uwarsa ba.

Ku ɗauki biro. Kowa ya rubuta "a madadin", ya bi shi da sunan wanda ke zaune kusa da shi, sannan ya sa hannunsa a ƙasa. A hankali, ba gaggawa. Wanda ya ɓata ya ja layi ya sake, babu kunya a ciki. Ku yi sau biyar.

Duk da haka na san akwai waɗanda za su leƙa takardar maƙwabci su fara zana sa hannunsa. Haba jama'a! Me muke faɗa tun ɗazu? Naka za ka yi. Naki za ki yi. Ko mijinki ne ya aike ki, ko mahaifinka ne, naku za ku yi.

Manyan al'amura

Sayar da gida ko fili, ko cire kuɗi a banki, sun fi ƙarfin wasiƙar hannu. A je wajen lauya ya shirya takardar wakilci ta doka. Banki kuma yakan ba da nasa fom, ku tambaya tun kafin ku fita.

Janye wakilci

Wanda ya ba da wakilci yana iya janyewa. Ya rubuta, ya sanar da wakilin da ofishin. Idan ya rasu, wakilcin ya ƙare. Kada kowa ya sa hannu a farar takarda wai a cike daga baya.