Shawara kan doguwar imel ta rahoto

Jama'a, in za ku tura doguwar imel ta rahoto don Allah a rage baƙaƙa rubutu. A kowane sashe abu ɗaya kawai za ka zaɓa ka danna Ctrl+B a kai, misali ranar ƙarshe ta miƙa aiki ko adadin kuɗin, in ka baƙaƙa layi biyar ai ido ba zai san wanne ne muhimmi ba.

Kanu uku sun isa, kamar Taƙaitawa, Matsaloli, Abin da ake buƙata, ka bar layi ɗaya fanko kafin kowanne. Su kuma ɗige-ɗigen jeri sai abubuwa iri ɗaya gajeru, kada su wuce biyar, bayani mai dalili a bar shi a jimla. Ni kam sai na tura wa kaina na duba a waya tukuna, nan cunkoso ke fitowa fili.