Babi na Huɗu: Fiyus, Bireka da Babban Makunni a Hoton Akwatin Wuta

Darasi na farko: Mai hannu da marar hannu

Ku buɗe hoton da ke wannan babi. Akwatin rarraba wuta ne na wani gida a Tudun Wadan Gusau, wanda masu gyaran wuta ke ce wa dibi. Ƙaramar ƙofarsa kawai aka ɗaga aka ɗauki hoton, ba a kwance murfin da ke ɗaure da kusoshi ba. Ku ma idan za ku ɗauki hoton na gidanku da waya, iyakarku ke nan. Bayan murfin akwai wayoyi tsirara masu ɗauke da wuta bolt 230, kuma tana kisa.

Kada ku fara da karatu tukuna. Ku ɗora yatsa a kan hoton daga hagu, ku bi abubuwan da ke jere ɗaya bayan ɗaya, kuna tambaya: wannan yana da ɗan hannun da ake ɗagawa a sauke, ko ba shi da shi?

Wanda ba shi da hannu, shi ne fiyus. A tsofaffin gidaje za ku gan shi fari, na tangaran, ana zaro shi ne a mayar. A cikinsa akwai siririyar waya. Idan wutar da ke bi ta cikinta ta fi ƙarfinta sai ta narke, wuta ta yanke, kuma ba ta dawowa sai an sa sabuwar waya. A wajen akwatin da ke hotonmu, kusa da mita, akwai wani baƙi mai kauri wanda aka ɗaure da 'yar waya mai hatimi. Shi ma fiyus ne, shi ake kira katawut, amma na kamfanin wuta ne, ba a taɓa shi. Wannan darasi ba ya ba kowa wahala.

Darasi na biyu: Masu hannu a hotonmu iri biyu ne

A nan ake faɗuwa, don haka mu tafi a hankali. Bireka yana da hannu, babban makunni ma yana da hannu. Shi babban makunnin ne masu gyara ke kira aisoleta. A ido kamarsu ɗaya, aikinsu kuwa daban. Bireka yana faɗuwa da kansa idan kaya sun yi wa layi yawa ko wayoyi biyu sun haɗu. Aisoleta ba ya faɗuwa da kansa, ko da waya na hayaƙi, sai mutum ya sa hannu ya sauke shi. Bireka maigadi ne, aisoleta kuwa ƙofa ce kawai.

To yaya za a gane su a hoto? Ku ja hoton da yatsu biyu ya girma in a waya ne, ku nemi lambar da ke fuskar abin, sannan ku dubi gefen hagu na lambar. Akwai harafi manne da ita? Idan kun ga B ko C kafin lamba, kamar B16 ko C32, bireka ne. Idan lamba ce ta fara zuwa, sannan A ta biyo baya, kamar 63A ko 100A, kuma babu B ko C a gabanta, to aisoleta ne mai yiwuwa, sai ku nemi rubutun MAIN SWITCH don ku tabbatar.

Mu sake. Harafi kafin lamba, bireka. Lamba tukuna sannan A, aisoleta ne mai yiwuwa. Wannan A ɗin ta ƙarshe ba ta cikin lissafinmu, amfiya take nufi, wato ma'aunin yawan wutar da ke wucewa. Harafin da muke nema yana zuwa ne kafin lambar, ta hagu, inda muke fara karatun boko. Waɗanda suka saba da ajami su kula, don ido yakan so ya fara ta dama. Wannan ba abin kunya ba ne, sabo ne, kuma yana gyaruwa.

Yanzu mu bi hoton. Na farko daga hagu yana da faɗin biyu, hannunsa ja, an rubuta 100A. Akwai harafi kafin 100? Babu. Aisoleta ne. Lambar 100 tana nuna iyakar wutar da zai iya ɗauka ba tare da ya lalace ba, ba ta nufin zai yanke idan an kai can. Na biyu siriri ne, an rubuta C10. Harafi kafin lamba? Akwai. Bireka ne, kuma ƙarami irin wannan galibi na fitilu da fanka ne. Na uku C20 ne, na soket. Amfiya 20 sau bolt 230 ya ba da wat 4,600, wato idan aka jona hita mai wat 3,000 da dutsen guga mai 1,200 da tukunyar lantarki mai 1,500, jimla 5,700, an wuce iyaka, zai iya faɗuwa in an jima. A ƙasan C20 za ku ga 6000 a cikin ɗan akwati. Ku ƙyale ta, ta masu gyara ce, ba ita muke karantawa ba.

Na ƙarshe a dama shi ne tarkon. Faɗinsa biyu kamar na farko, kuma duk ajin da na kai wa irin wannan hoto sai a amsa baki ɗaya: aisoleta! A'a. An rubuta C32. Harafi kafin lamba. Bireka ne mai faɗi, wanda ke yanke wayoyi biyu tare. Wani dattijo a ajin dare ya ce da ni, "Malam, ai babban shi ne babba." Na ce, Baba, girman ba shi ne shaida ba, rubutun ne shaida. Jan hannu ma ba shaida ba ne, kowane kamfani da launin da yake so.

Haba jama'a, sau nawa za a faɗa? Kuna da ido, kun iya B, kun iya C, tun babi na ɗaya muka wuce su. Gaggawa ce kawai ke sa ku duba faɗi ku bar rubutu. Wanda ya ɗauka aisoleta zai kare masa gida daga gobara ya yi kuskure mai tsada. Ku koma farkon hoton, ku sake bi da yatsa, kuna furtawa da ƙarfi: harafi kafin lamba, bireka.

Darasi na uku: Mai ɗan maɓalli

Wani akwatin yana da abu mai faɗi da hannu da ɗan maɓalli mai alamar T ko TEST, an rubuta 30mA a jikinsa. Wannan yana faɗuwa ne idan wuta ta zurare ta bi jikin mutum ko ƙarfen firji zuwa ƙasa. Babu shi a hotonmu. In kun gani a naku, kada ku ɗauke shi a matsayin aisoleta.

Darasi na huɗu: Abin yi

Bireka ya faɗi, ku cire kayan da ke jone, ku ɗaga shi sau ɗaya da busasshen hannu. Ya sake faɗuwa, a kira mai gyara. Fiyus ya ƙone, kada a cusa masa waya mai kauri, don ba za ta narke ba, wayar bango ce za ta ƙone. Ko an sauke aisoleta, wayar da ta shigo masa daga mita tana da wuta.

Aikin gida: ku ɗauko hoton akwatin gidanku, ku rubuta abin da ke fuskar kowane ɗaya a littafinku.